Rabon Tebur a Dinar Biki: Manhajar da Ba Ta Iya Cewa "Ba Zai Yiwu Ba" Ba Abin Yarda Ba Ce

Duk wanda ya iya taɓa waya a gidansu ya san irin aikin da ke faɗo masa idan biki ya matso. Shi zai tsara katin gayyata, shi zai buɗe zauren WhatsApp na 'yan kwamiti, yanzu kuma an ƙara masa da wani sabo: a ba shi jerin sunayen baƙin dina a ce ya raba su tebur-tebur. Zauren taron ya ce tebur 20 ne, kowanne kujera 10, ba ƙari. Uwar amarya ta ce kada a kuskura a haɗa wance da wance. Ƙawaye kuma kowace ta turo sunan wadda take so ta zauna kusa da ita. Abu na farko da matashi zai yi shi ne ya nemi manhajar da za ta yi masa rabon da dannawa ɗaya.

Irin waɗannan manhajoji suna nan, wasu kuma suna aiki da kyau. Amma abin da ya kamata a auna su da shi ba kyan hoton tebur ba ne, ba kuma saurin fitar da sakamako ba. Tambaya ɗaya ce: shin manhajar tana bambanta doka da so? Doka ita ce abin da idan aka karya shi biki ya ɓaci, kamar yawan kujerun tebur ko mutum biyu da ba sa ga-maciji. So kuwa shi ne abin da idan an samu an ji daɗi, idan ba a samu ba a ci abinci a tashi lafiya. Manhajar da ta zuba waɗannan biyun a kwano ɗaya za ta fitar da tsari mai kyan gani wanda zai jawo rigima a daren dina.

Wani zai ce ai wannan ba al'adarmu ba ce, a bar kowa ya zauna inda ya samu wuri. Maganarsa gaskiya ce a wurin ɗaurin aure da wunin biki, inda tabarma ko rumfa ke ɗaukar duk wanda ya zo. Babu mai hankalin da zai rubuta wa mahalarta ɗaurin aure lambar wurin zama. Dina ce ta bambanta, domin an biya kuɗin kujera da faranti a ƙidaye, kuma idan aka bar zama a sake, abin da ke faruwa sananne ne: waɗanda suka riga zuwa su cike teburan gaba, su ɗora jaka a kan kujeru suna tsare wa mutanensu wuri, gwaggon ango ta iso da ƙarfe tara ta tarar babu inda za ta zauna sai gindin lasifika.

Me ya sa waya ba za ta gwada duk hanyoyin rabon ta zaɓi mafi kyau ba? Saboda yawansu ya wuce hankali. Mutum 20 a tebur biyu masu kujera goma-goma ana iya raba su ta hanya 92,378. Wannan ba komai ba ne a wurin waya. A ƙara tebur ɗaya kawai, mutum 30 a tebur uku, hanyoyin sun haura biliyan 925. Ko da waya na duba hanya miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ta yi fiye da kwana 10 kafin ta gama, alhali tebur uku ake magana, ba 20 ba. Don haka babu manhajar da ke gwada komai. Dukkansu dabara suke bi don su kai ga tsari mai dama-dama, kuma a cikin wannan dabarar ne ake yanke hukuncin abin da za a sadaukar.

Dabara ta farko da ke rage aikin ba ta buƙatar kwamfuta: a daina lissafa mutane ɗaya-ɗaya, a lissafa su rukuni-rukuni. Mata da miji rukuni ɗaya ne. Ƙawaye bakwai da suka yi anko tare rukuni ɗaya ne. Idan kuma taron irin wanda ake raba maza da mata ne, aikin ya riga ya rabu gida biyu, kowane ɓangare a yi shi daban.

Ga misali da za a iya bi da biro da takarda. A ce ɓangaren amarya an ware masa tebur 4, kujera 40, baƙi kuma 37 ne a rukuni takwas. Ƙawayen jami'a su 7, ƙawayen sakandare su 6, 'yan uwanta na ɓangaren uwa su 6, 'yan ubanta su 5, abokan aikinta su 4, maƙwabta su 4, ƙawayen Islamiyya su 3, sai wasu baƙi 2 da za su taso daga Zariya. Kujera 40, mutum 37, kowa zai ce ai wuri ya isa har da rara.

To a gwada zaunar da su bisa yadda suka amsa gayyata, a ce kuma ƙananan rukunai ne suka riga amsawa. Baƙin Zariya, 'yan Islamiyya da abokan aiki sun shiga tebur na ɗaya, mutum 9. Maƙwabta da 'yan uba sun shiga na biyu, su ma 9. Ƙawayen sakandare sun ɗauki na uku, 'yan ɓangaren uwa sun ɗauki na huɗu. Saura ƙawayen jami'a su 7, kuma babu teburin da zai ɗauke su. Kujeru 10 ne babu kowa a kai, amma a warwatse suke: ɗaya a nan, ɗaya a can, huɗu, huɗu. Manyan ƙawayen amarya ke nan za a yayyanka.

Gyaran mai sauƙi ne: a fara da rukuni mafi girma, a gangaro. Masu 7 su ɗauki tebur na ɗaya, masu 6 na biyu, ɗaya masu 6 ɗin na uku, masu 5 na huɗu. Daga nan abokan aiki su cike na biyu ya zama 10, maƙwabta su cike na uku ya zama 10, 'yan Islamiyya su cike na ɗaya, baƙin Zariya su zauna da 'yan uba a na huɗu. Kowa ya samu wuri, ba a raba kowane rukuni ba, kujeru uku sun rage a tebur ɗaya. Dabarar mai loda mota ce a tasha: buhuna su fara shiga, ƙananan ƙulli su cike ramuka.

Sai uwar amarya ta kira ta ce akwai magana. Ɗaya daga cikin 'yan Islamiyya suna da rigimar kuɗin adashi da ɗaya daga cikin ƙawayen jami'a, ba a gama sasantawa ba. Wannan bai da wuya, a mai da 'yan Islamiyya tebur na huɗu wurin 'yan uba su zama 8, baƙin Zariya su koma na ɗaya su zama 9. Bayan kwana biyu ta sake kira: ashe wata a cikin 'yan Islamiyyar tsohuwar matar ɗan uban amarya ce, rabuwar kuma ba ta yi daɗi ba, don haka ba za ta zauna da ƙannensa ba. Yanzu dabarar fara da babba ta cije. Tebur na ɗaya haramun ne gare su, na huɗu haramun ne, na biyu da na uku sun cika.

Amma akwai mafita, sai dai tana buƙatar a tayar da waɗanda aka riga aka zaunar. A ɗauke abokan aiki daga tebur na biyu a kai su na huɗu wurin 'yan uba, su zama 9. 'Yan Islamiyya su shiga gurbinsu a na biyu tare da ƙawayen sakandare, su ma 9. Tebur na ɗaya yana da ƙawayen jami'a da baƙin Zariya, 9, na uku yana nan da 10. Jimla 37, ba a karya doka ko ɗaya ba. Abin lura a nan shi ne, rukunin da ya fi wahalar zaunarwa ba lallai ne ya zama mafi girma ba. Mutum uku masu takunkumi biyu sun fi mutum huɗu da babu ruwansu da kowa wahala, don haka su ya kamata a fara nema wa wuri da zarar manyan sun zauna.

Akwai kuma lokacin da mafita ba ta nan gaba ɗaya, kuma ana iya gane haka ba tare da an ɓata dare ana jujjuya sunaye ba. A wannan misalin, rukunai masu 7, 6, 6 da 5 babu biyun da za su iya haɗa tebur, domin ko mafi ƙanƙanta biyu, 6 da 5, sun kai 11. Ke nan kowannensu ya riƙe tebur guda, teburan huɗu duk sun samu masu su. Dole 'yan Islamiyya su zauna da ɗaya daga cikin huɗun. Da za a ce suna da matsala da ƙawayen sakandare da kuma 'yan ɓangaren uwa, to magana ta ƙare. Ko wace irin kwamfuta aka kawo ba za ta samo tsari ba, saboda babu shi. Abin da ya rage shawara ce ta mutane: a ƙaro tebur, ko a raba wani rukuni, ko a je a roƙi wani ya yi haƙuri na awa uku.

A daidai wannan gaɓar ake gane manhajar ƙwarai. Hanya mafi sauƙi ga mai rubuta irin wannan manhaja ita ce ya mai da komai maki. Idan mutum biyu abokai ne aka haɗa su, a ba tsarin maki 2. Idan masu gaba ne aka haɗa su, a cire maki 10. Sai manhajar ta yi ta musanya mutane tana neman tsarin da ya fi tara maki. A ido abin ya yi daidai, tunda 10 ta fi 2 nesa ba kusa ba. Amma a koma kan 'yan Islamiyya da ƙawayen jami'a. Mutum 3 da mutum 7 idan suka haɗu a tebur, alaƙa 21 ce ke tsakaninsu. Ɗaya ce rigimar adashi, an cire 10. Idan shida daga cikin sauran abota ce, an samu 12. Ribar maki 2 ke nan, kuma manhajar za ta haɗa su tana ganin ta yi gwaninta. Ba ta yi kuskuren lissafi ba. An gaya mata ne cewa gaba tana da farashi, ita kuma ta ga ciniki ya faɗa.

Wasu masu rubuta manhaja suna toshe wannan ramin da ƙara girman hukuncin, su ce a cire maki dubu. Hakan na hana cinikin, amma bai magance ɗaya matsalar ba. Ranar da mafita ba ta nan, manhajar za ta zaɓi tsarin da ya fi ƙarancin asara ta miƙo shi shiru, da dokar da ta karya a ciki, sai dai idan an rubuta mata ta duba ta yi gargaɗi. Mai shirya biki zai ga teburai sun cika tsaf a fuskar waya ya tura wa mai buga kati.

Masana sun daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. A 2016 Rhyd Lewis na Jami'ar Cardiff da Fiona Carroll sun wallafa bincike kan tsara zaman biki, inda mai amfani ke zaɓar ɗaya cikin uku tsakanin rukunai biyu: lallai a raba su, gara a raba su, ko gara a haɗa su. Na farkon doka ce da ba a taɓawa, sauran biyun ne ake ciniki a kansu. Ɓangaren dokar kuwa tsohuwar matsala ce a ilimin kwamfuta, irin ta shafa wa taswira launi ba tare da maƙwabta biyu sun yi launi ɗaya ba, wadda Richard Karp ya saka a jerin matsaloli 21 masu wuyar warwarewa tun 1972. Wuyar tana bayyana ne idan takunkumi ya yi yawa. A bikin da masu gaba ba su wuce biyar ko shida ba, kayan aiki na kyauta irin su OR-Tools na Google suna ɗaukar dokar kai tsaye. Ga yadda ake rubuta ta a Python, inda `x[g, t]` ke zama 1 idan rukuni `g` yana tebur `t`:

```python
for t in teburai:
    model.add(sum(yawa[g] * x[g, t] for g in rukunai) <= 10)
    model.add(x["islamiyya", t] + x["jamia", t] <= 1)
for g in rukunai:
    model.add(sum(x[g, t] for t in teburai) == 1)
```

Layi na biyu ya ce kada tebur ya wuce mutum 10, na uku ya ce rukunan nan biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Idan dokokin sun ci karo da juna, amsar da za ta fito ita ce `INFEASIBLE`, wato ba zai yiwu ba. Wannan kalmar ta fi kowane hoton tebur mai launi daraja, domin ita ce ke sa a kira uwar amarya tun ana saura mako guda.

Wanda bai iya Python ba yana da gwajin minti biyu da zai yi wa kowace manhaja kafin ya zuba mata sunayen mutanensa. Ya ƙirƙiri tebur biyu da baƙi uku na ƙarya, ya gaya mata cewa babu biyun da za su zauna tare a cikinsu. Mutum uku masu gaba da juna ba sa shiga tebur biyu, ko yaro ya san haka. Idan ta ce ba zai yiwu ba, ko ta nuna jan gargaɗi a kan teburin da ta haɗa su, ana iya aiki da ita. Idan ta zaunar da su ta yi shiru, a goge ta.

A gaskiya ma, ga dinar da ba ta wuce mutum 200 ba, Google Sheets a waya ya wadatar, kuma ya fi yawancin manhajojin dannawa ɗaya aminci, saboda mutum ne ke rabon, waya kuma tana gadi. A layin tsaye na A a rubuta sunan rukuni, a B yawansu, a C lambar tebur. Wannan zai faɗi yawan mutanen da ke tebur na ɗaya:

```
=SUMIF(C:C,1,B:B)
```

A maimaita shi ga kowane tebur ana canza lambar. Ga kowace gaba kuma a rubuta layi ɗaya. Idan ƙawayen jami'a suna layi na 2, 'yan Islamiyya suna na 8:

```
=IF(AND(C2<>"",C2=C8),"RIKICI","")
```

Duk lokacin da aka ba su tebur ɗaya, kalmar RIKICI za ta fito. Mutum 200 a rukuni-rukuni ba su cika wuce layi 40 ko 50 ba, aikin yamma ɗaya ne.

Akwai dokokin da babu manhajar da aka rubuta a waje da za ta tambaya, sai mai shiri ya shigar da su da kansa. Babba a ciki ita ce kunyar surukai. Manhaja za ta ga mijin yayar amarya da iyayen amarya dangi ne na kusa ta haɗa su, mutumin ya kwana da yunwa domin ba zai iya cin abinci a gabansu ba. Babu gaba a tsakaninsu, amma dokar raba su ta kai ta masu gaba ƙarfi. Haka kuma teburai ba daidai suke ba ko da kujerunsu ɗaya ne: na kusa da amarya da ango girmamawa ne, na kusa da lasifika azaba ne ga dattijai, na kusa da ƙofa ya fi dacewa da masu goyo da waɗanda za su tashi da wuri. Waɗannan teburan a fara cike su da hannu a kulle, sannan a raba sauran.

Game da so kuwa, a rage buri. Idan aka ba kowane baƙo dama ya lissafo duk waɗanda yake so, za a tara buƙatun da rabinsu ke karo da juna. Ma'auni mafi amfani shi ne kada a bar kowa a teburin da bai san kowa ba. Tsarin da ya ba mutum 190 abokai biyar-biyar ya bar mutum 10 cikin baƙin fuska ya fi muni a kan wanda ya ba kowa aboki ɗaya ko biyu, duk da cewa na farkon zai fi tara maki. Kuma a tsaya a lambar tebur, kada a sa wa kujera suna. Mutum goma za su daidaita kansu a tebur cikin daƙiƙa talatin.

Sai maganar waɗanda ba sa cikin jeri. Ko da katin shiga da masu gadi a ƙofa, wata za ta zo da ƙanwarta, wani babba zai zo da mutum biyu da ba wanda zai iya mayar da su. Tsarin da ya cike kowace kujera zai rushe a rabin awar farko. Misalin da ya gabata ya nuna inda ya kamata rarar ta kasance: kujera ɗaya-ɗaya a teburai uku tana ɗaukar ƙanwar da aka taho da ita, amma ba ta ɗaukar mutum uku da suka zo tare. Don haka ana buƙatar iri biyu, kujera guda a teburan dangi inda aka san za a yi ƙari, da kuma tebur ɗaya ko biyu cikin 20 da ba a ba kowa ba.

Da zarar an tura wa mutane lambar teburinsu, kada a sake danna maɓallin rabo. Ƙara mutum biyu kawai na iya sa manhaja ta juya rabin zauren, domin ita sabon lissafi take yi daga farko, ba ta san an riga an buga kati ba. Canjin ƙarshe da hannu ake yin sa, a taɓa tebur biyu a bar sauran.

Jerin masu gaba kuma shi ne takarda mafi haɗari a duk bikin. Kada ya zauna a fayil ɗaya da wanda za a tura wa 'yan kwamiti. Ɓoye shafi a Google Sheets ba kulle shi ba ne, wanda ya samu damar kwafar fayil ɗin zai iya buɗe shi, wanda aka ba ikon gyara kuma yana iya duba tarihin canje-canje ya ga abin da aka goge. Masu raka baƙi a ƙofa suna da lambar tebur kawai suke buƙata, a jere bisa haruffa, a fitar musu da shi a PDF ko a buga a takarda kofi uku ko huɗu, saboda a cikin zaure mai mutum 200 sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne.